Ramuwar Kwana Takwas da Akuyar Dattijo

Shekara goma sha tara ina tuƙa a-kori-kura a Abuja, ban taɓa jin nauyin ce wa mutum a'a ba. Na faɗa wa ɗan sanda, na faɗa wa mai gidan hayata na Durumi, na faɗa wa ƙanin matata ranar da ya zo neman aron mota zai koyi tuƙi da ita. Makaranta ma a aji biyu na sakandare na ce mata a'a, ba ta kuma biyo ni ba. Amma kwanon abinci ya sa na yi ƙarya har sau biyu, na kusa rasa mutumin kirki guda ɗaya da na samu a garin nan.

Mutumin manomin doya ne a Paikon Kore, can bayan Gwagwalada. Gbagyi ne, Kirista, dattijo a cocinsu, shi ya sa kowa ke ce masa Dattijo. Ni nake kwaso masa doya zuwa kasuwar Karu, shekara bakwai ke nan. Matarsa kuwa Mama muke ce mata. Su kuma Alhaji suke ce mini, ko da yake iyakar tafiyata gabas Maiduguri ce, ita ma kayan wani na kai. A Abuja in kana da hula da furfura an ba ka aikin hajji kyauta.

Abin ya faro ne daga watan azumin da ya gabata. Ana kwana goma sha tara ciwon kaba ya kwantar da ni, aka yi mini aiki, likita ya ɗora ni kan magani safe, rana, dare. Na sha kwana goma sha ɗaya. A tasha na ce musu gida na je duba gona, don na san mutanen da nake zama da su. Likita kaba yake cewa, su gwaiwa za su ce, kuma da wannan sunan za a binne ni.

Wanda ya sha azumi don ciwo ramawa zai yi, kwana da kwana, kafin wani azumin ya kama. Kowa ya san wannan. Matsalar ita ce a tasharmu an mayar da ramuwa abin mata. Akwai wani direban tifa da ya taɓa cewa ramuwa yake yi, yau shekara huɗu ke nan in ya shigo sai wani ya tashi ya ba shi kujera ya ce, "Hajiya, an samu tsarki?" Ni ne ma na fara faɗa masa. To ka ga ba ni da inda zan kai ƙara.

Matata ta gama tata ramuwar tun a Shawwal, har ta ɗora da Sitta. Ni na ce sai ɗinki ya warke. Ya warke na ce sai zafi ya wuce. Zafi ya wuce na ce damina aiki ya yi yawa. Da ƙyar na rama kwana uku a cikin wata goma, biyu daga ciki kuwa su suka jawo mini wannan labari.

Na farko wata Alhamis ce. Na ɗaura niyya tun da dare, na yi sahur, na tafi lodin doya. Ana gama lodi Mama ta fito da sakwara da miyar agushi, tururi yana tashi, ta ajiye a kan benci ƙarƙashin mangwaro.

"Alhaji, wanke hannu," in ji Dattijo. Hausarsa irin ta Abuja ce, mace da namiji duk ɗaya. "Matana ya daka da sabon doya."

Abin da ya kamata in ce kalma biyu ce. Amma sai na hango tambayar da za ta biyo baya, wane azumi, ba a watan azumi ba? Sai na dafe ciki na ce olsa ce ta taso mini.

Ban san wa na taɓo ba. Mama ta ɗauke kwanon, ta ce in dawo ran Asabar. Da na dawo sai ta miƙo mini jarka mai lita biyu cike da wani ruwa baƙi ƙirin, saiwoyi da ɓawon itace, ta ce kwana uku tana dafa shi. Na ɗanɗana a gabanta don kunya. Na sha wahala iri-iri a duniya, amma ban taɓa jin ta a harshe ba sai ranar. A hanyar Gwagwalada na tsaya na juye shi a kwata, na roƙi gafarar kwatar.

Na biyu kashegarin Kirsimeti ne. Ranar hutu ce, na ce bari in rage kwana ɗaya. Sai ga waya, Dattijo yana son in kai masa kujerun haya garin surukansa. Na je na tarar da shinkafa da kaji. Na ce yanzu na ci, na ƙoshi har wuya. Ban rufe baki ba cikina ya yi wata ƙara kamar an ja benci a kan siminti. Dattijo ya dubi cikin, ya dube ni, ya ce, "To." Wannan "to" ɗin ta daɗe tana bina.

Daga ranar wani abu ya canja. Gaisuwa tana nan, aiki yana nan, amma an daina kawo mini ko ruwa a kofin gida. Sai a aika shago a sayo mini na leda, a miƙo mini a rufe. Ni da wautata har daɗi na ji, na ce an fara girmama ni.

Ana nan, wata Alhamis a watan Sha'aban, bayan lodi, Dattijo ya ce in zo in ga wani abu. Ya kai ni bayan gida. Ga wata akuya ja a ɗaure tana cin ɓawon doya, ga sabuwar tukunya ko takardar jikinta ba a ɓare ba.

"'Yana ta gama karatun nas," in ji shi. "Ran Lahadi za mu yi godiya a coci, ƙarfe ɗaya a ci abinci a nan. Wannan akuya, mahaucin Gwagwalada zai yanka, Bakatsine, mai sallah. Wannan tukunya ba a taɓa dafa komai ciki ba. Cokali ma sabo ne."

Na ce, "Duk wannan na mene ne?"

"Na ka ne. Wani ya gaya mini akwai waɗanda ba su cin abincinmu. Ban yi fushi ba, kowa da addininsa. Amma shekara bakwai, Alhaji. Ina so in ga hannunka cikin kwano a gidana sau ɗaya. In wannan ma bai yi ba, to na gane, ba zan ƙara damunka ba."

Bai ɗaga murya ba. Da ma zagina ya yi, na san yadda ake rama zagi. Sai a lokacin na gane ruwan ledar nan ba girmamawa ba ce. Mutumin ya zauna ya haɗa olsa da ƙarar ciki, ya fitar da amsa cewa ƙyamarsa nake yi. Ni da na ci abinci a bukkokin da ko ƙuda sai ya yi shawara kafin ya shiga.

Na ce, "In sha Allahu da ni za a yi." Na faɗa da zuciya ɗaya, don ban san abin da ke jirana a gida ba.

Da safen Juma'a na gaya wa matata ta goge mini babbar riga, Lahadi zan ci akuya. Sai ta ciro kalandar da ke rataye bayan ƙofa ta ɗora mini a cinya.

"Malam, yau nawa ga wata?"

"Ashirin da ɗaya."

"Kwana nawa ya rage maka?"

"Takwas."

"To ƙirga daga gobe zuwa ashirin da tara."

Na ƙirga da yatsu. Takwas cif. Na sake ƙirgawa ta baya ko za a samu ragi, takwas ɗin ce. Na ce ai wata yana iya yin talatin. Ta ce yana iyawa, in na yi waya da shi ya tabbatar mini.

Bayan la'asar na tsaya wajen limamin masallacin layinmu. Mutumin Zariya ne, yana da shagon kayan masarufi, ba ya da hayaniya. Na ja shi gefe na faɗa masa komai, har da kaba. Ban je neman gaskiya ba, ƙofar baya na je nema, na kuma tafi da guda uku a aljihu.

Na ce, "Malam, ran Lahadi ai matafiyi ne ni. Daga Durumi har Paikon Kore."

"Bai kai nisan da ake kasaru ba."

"In na bi ta Karu, na zaga Nyanya, na dawo?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Wanda ya tsawaita hanya don ya sha azumi, man fetur kawai ya ƙona. Kawo ta biyu, na ga akwai."

Na ce na taɓa ji a rediyo cewa in an gayyaci mai azumi yana iya karyawa don ya faranta wa mai gida.

"Wannan maganar nafila ce," in ji shi. "Ita ɗin ma malamai sun saɓa, mu a nan abin da muka karanta ba a karya ta haka kawai. Taka kuwa ba nafila ba ce. Ramuwa farilla ce, in ka ɗaura niyya alfijir ya keto, babu akuyar da za ta kwance ta."

Na fito da ta uku. Na ce to in bar Lahadin gaba ɗaya, kada ma in ɗauka, in rama bayan sallah, in ciyar.

"Wanda ya yi sakaci har wani azumin ya riske shi zai rama, ya kuma ciyar da miskini mudu ɗaya a kan kowace rana, mudun Annabi, ba na kasuwa ba. Ba shi da yawa, ka fi ƙarfinsa. Amma ba kuɗin tikiti ba ne da za ka saya da gangan. Wata goma sha ɗaya aka ba ka."

Na ce to ya zan yi da mutumin?

"Ka gaya masa kana azumi."

"Shi ke nan?"

"Abin da aka koya mana ke nan. In an kira ka abinci kana azumi, ka faɗa, kada ka bar mai gida yana zargin kansa ko girkinsa. In za ka iya zuwa ka je, ka zauna da su, ka yi musu addu'a. Ni zan ƙara maka da nawa na ɗan kasuwa: ka faɗa tun kafin a ɗora tukunya, ka faɗi lokacin da za ka sha ruwa, ka kuma ba shi wani lokacin da za ka ci. In ka ce a'a ka yi shiru, shi zai cike sauran da kansa, kuma ba alheri zai cike ba."

Na ce ai ya riga ya cike.

"To ka ga. Azumi ka ɓoye, ƙarya ka bayyana. Dubi wanda ka zaɓa ka ji kunyarsa."

Na fita ina jin haushinsa. Na fi son malamin da zai yi mini dogon Larabci in fita ban gane ba.

Asabar na tashi da azumi, saura bakwai bayan ita. Ba ni da lodi ranar, amma na ƙona mai na tafi Paikon Kore, don wannan magana ba ta waya ba ce. A waya ba ya ganin fuskata, zai ce ƙarya ta uku ce. Na same su a tsakar gida, Mama tana tsince shinkafa a faranti, Dattijo yana gyara rumfar da baƙi za su zauna. Akuyar tana nan da ranta.

Bayan gaisuwa na ce, "Dattijo, gobe zan zo. Amma ba zan ci abinci da rana ba, ina azumi. Sai rana ta faɗi."

Ya ajiye igiyar da ke hannunsa. "Azuminku saura sati ɗaya. Na tambayi mahauci."

"Ba shi ba ne. Na bara nake ramawa."

"Na bara?"

Babu sauran wurin ɓuya. Na faɗi aikin da aka yi mini, na faɗi kwana goma sha ɗaya, na faɗi kalandar matata. Na ce ranar sakwara azumi nake yi, ranar kaji ma haka. Na ce a wurinmu in namiji ya ce yana ramuwa dariya ake yi masa, shi ya sa.

Dattijo ya tsura mini ido. Ni kuma ina kallon akuya, don ita kaɗai ce ba ta da abin cewa.

Mama ce ta fara magana. "To olsa fa?"

"Babu olsa, Mama."

"Maganin fa?"

Na yi niyyar cewa na sha, sai na tuna ina azumi. Na ce yana cikin kwatar Gwagwalada.

Ta ajiye farantin a hankali. "Kwana uku ina hura wuta. Har dutse na hau neman saiwa, da wannan gwiwa."

"Ki yafe mini."

"Bari yafiya tukuna. Watan jiya, ba kai ka kawo mana masa daga matarka da safe ba? Me na ce maka?"

Na tuna. A farkon shekara cocinsu na yin azumin kwana ashirin da ɗaya, ba sa cin komai sai shida na yamma. Na kawo masa da zafinta, Mama ta karɓa hannu biyu ta ce, muna azumi, sai shida, amma ka gode mata, a kanta za mu buɗe baki. Ta rufe ta ajiye. Kashegari ta kira matata ta ce masar ta yi daɗi. Duk abin bai ɗauki minti ɗaya ba.

"Ka yi fushi ranar?" in ji ta.

"A'a."

"Ka ce ina ƙyamar matarka?"

"A'a."

"To kai wane irin azumi ne naka da sai an yi masa ƙarya? Namu ba ya jin kunya."

Sai Dattijo ya fashe da dariya, irin wadda sai da ya riƙe sandar rumfa. "Na sayi tukunya," in ji shi yana share ido. "Na sayi cokali. Na je har Gwagwalada neman mai yanka. Wata biyu ina tunanin me na yi wa wannan mutum. Ashe oga ɗinki yake ɓoyewa."

Na ce a bar maganar ɗinki a nan.

"Yanzu gaya mini yadda yake," in ji shi. "Ruwa fa?"

"Ko ruwa."

"Namu wasu suna shan ruwa. In kana zaune muna ci, ba mu ɓata maka ba?"

"Ko kaɗan. Ku ci abinku. Ni dai bakina ne a rufe, ba naku ba."

"Ƙarfe nawa?"

"Bakwai saura, in rana ta ɓace. Ba na bin agogo sosai, kiran sallah nake ji."

Mama ta ce akwai masallaci bayan makaranta, ana jin kiransa daga nan. Ta ce za ta ware nawa tun daga tukunya, kafin 'yan coci su faɗa masa, don ta san mutanenta. Sannan ta tambaya da me muke fara buɗe baki. Na ce dabino ko ruwa, kada ta wahalar da kanta. Ta ce wahala ai ta riga ta sha a kan dutse.

Lahadi na sa babbar riga na isa ƙarfe ɗaya. Mutane cike da rumfa, mata da ɗaurin kai iri ɗaya, ana ta waƙa. Yarinyar da ta gama karatu ta zo ta durƙusa ta gaishe ni. Aka ba ni kujera a gaba, kusa da fasto, wurin da duk kwanon da ya fito sai ya wuce ta ƙarƙashin hancina. Ban sani ba ko girmamawa ce ko Mama ce ta tsara.

Abin da na shafe wata goma ina tsoro ya zo a hannun wata mata mai rabon abinci. Ta miƙo mini faranti, shinkafa da tsoka biyu. Na ji tsohuwar ƙarya ta taso mini har maƙogwaro. Na haɗiye ta na ce, "Na gode, ina azumi. Allah ya sa albarka."

Ta ce, "Ayya, sannu," ta miƙa wa na kusa da ni.

Iyakar abin ke nan. Na zauna ina jiran sauran, babu saura. Wani tsoho mai ƙaton tumbi da ke hagu da ni ya sunkuyo ya ce in dai ba zan ci ba, ko za a iya ba shi naman nawa, kada ya yi asara. Fasto ya ce shi ma yana azumi duk Laraba, ya tambaya ko ƙamshin yana damuna a matsar da ni. Na ce a bar ni, lada nake tarawa. Sau huɗu aka miƙo mini abu ranar, har da lemo, sau huɗu na faɗi kalmomin nan, kowane karo suna ƙara sauƙi. Haushi ya kama ni. Abin da na zubar da magani lita biyu a kansa ke nan.

Da aka zo jawabai Dattijo ya tashi ya gode wa kowa, sannan ya nuna ni. Na ce a raina yau ɗinki zai shiga lasifika. Sai ya ce, "Wannan abokina ne, shi yake kai doyan da aka biya makaranta da shi. Yana azumi yau, amma ya zo. Zai yi wa yarinya addu'a."

Ni ba malami ba ne. Na tashi na ce Allah ya sa wa karatunta albarka, ya ba ta aiki ba tare da ta san kowa ba, ya sa hannunta ya zama sauƙi ga marasa lafiya, ya kuma hana ta halin nas ɗin da ta cire mini zare. Aka ce amin da ƙarfi, har da dariya. Na koma na zauna.

La'asar na je masallacin bayan makaranta na yi. Da na dawo jama'a sun fara watsewa, na tuɓe babbar riga na taya kwashe kujeru, don zama wuri ɗaya yana tsawaita yunwa. Kafin rana ta yi ja saura mu kaɗan a tsakar gida. Mama ta shimfiɗa tabarma, ta kawo buta, ta ajiye dabino bakwai a ƙaramin faranti da kwano a rufe. Sannan su biyun suka ja benci suka zauna a gabana kamar masu jiran sakamakon asibiti.

Aka kira sallah. Na yi bismillah na ci dabino, na kai hannu ga kofi. Kofin gida ne, na roba, mai tsagin baki, ba ruwan leda ba. Na shanye. Na yi magariba a gefen rumbun doya, na dawo na buɗe kwano. Sakwara ce da ta daka sabuwa saboda ni, da cinyar akuya a cikin miya.

Na yanko loma. Dattijo ya bi ta da ido tun daga kwano har baki, har sai da ya ga maƙogwarona ya motsa. Sannan ya saki numfashi, ya jawo bencinsa, ya wanke hannu ya sa a kwanon tare da ni, shi da ya ci sau biyu da rana.

"Tukunyan nan," in ji shi da nama a baki, "da na sani da ban saya ba."

"Tsohuwar ma da ta yi."

"Ka zo ka gaya wa matana. Ya ce kuɗinsa a kanka."

Ina sharce kwano Mama ta dawo da ƙaramin kofin shayi. Tun daga nesa na gane launin. Na ce Mama, ai mun yi magana, babu olsa. Ta ce ta sani, amma mai azumi takwas a jere yana iya samu, gara a tare ta tun a hanya. Na dubi Dattijo, ya juya yana nazarin rufin rumfa. Na duba ko ina da wani uzuri na gaskiya, rana ta riga ta faɗi, babu ko ɗaya. Na shanye. Ta karɓi kofin ta leƙa cikinsa, ta ce yanzu ta yafe.

Na cika kwanakina takwas, watan kuma ashirin da tara ya yi, da na bi lissafin talatin da na faɗa rami. Ranar sallah su biyun suka zo Durumi, Mama ta ci tuwon matata har ta nemi ƙari.

Abu ɗaya ne ban yi lissafinsa ba, mahaucin nan Bakatsine. Dattijo ya gaya masa a ware cinya saboda abokinsa mai ramuwa, shi kuma ashe ƙaninsa kwandasta ne a tasharmu. Ran Talatar da ta biyo bayan cin akuyar, ina shiga tasha, direban tifar nan ya miƙe tsam, ya kaɗe kujerarsa da hula, ya ajiye mini. Shekara huɗu yana jiran wannan rana.

"Hajiya," in ji shi, "sannu da ƙoƙari. A kawo shayi?"

Na zauna a kujerar, don tana da daɗi. Na ce, "Na gode, ina azumi. Saura huɗu bayan yau. Ka ajiye mini zuwa magariba, kai za ka biya."